Takardun neman kwangila da aka tura sau uku ba su isa ba: nazarin saƙon imel ɗaya

Mu ɗauki misalin wani ƙaramin kamfanin haƙa rijiyar burtsatse da ke neman kwangila a wajen wata ƙungiyar agaji. Sanarwar ƙungiyar ta ce a turo takardu ta imel kafin ƙarfe 4 na yammacin Alhamis, kuma kada saƙo ya wuce 20 MB. Sakataren kamfanin yana amfani da Gmail, ita kuwa ƙungiyar tana da nata adireshin na ofis, wanda ke kan sabarta, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonni tana raba su, wadda ma'aikatanta na kwamfuta suke kula da ita.

Fayiloli shida ya tara. Akwai sikanin takardar rajistar kamfani ta CAC mai nauyin 2.4 MB, da sikanin takardar shaidar biyan haraji mai 2.1 MB, da bayanin kamfani na shafi 12 mai 5.5 MB, da jadawalin farashi na Excel mai 0.2 MB, sai hotuna biyu na ayyukan da aka yi a baya, kowanne 3.4 MB. Jimilla 17 MB ke nan. Ya duba ya ga 17 bai kai 20 ba, ya maƙala su duka ranar Laraba da yamma, ya rubuta layi ɗaya a jikin saƙon cewa ga takardunsu nan, ya tura. Saƙon ya shiga `Sent`, shi kuma ya kashe kwamfuta ya tafi gida.

Yadda 17 ta zama 23

Saƙon bai isa ba. Dalilin kuwa yana cikin yadda aka gina imel tun asali. An tsara shi ne don ɗaukar rubutu zalla, saboda haka duk fayil ɗin da aka maƙala, hoto ne ko PDF, sai an mayar da shi jerin haruffa kafin ya hau hanya. Tsarin da ake yin haka da shi ana kiransa Base64, kuma a cikinsa kowane bait uku na fayil, wato ƙananan ma'aunan nauyinsa, yana komawa harafi huɗu. Wannan kaɗai ƙarin kashi ɗaya bisa uku ne. Sannan ana yanka haruffan layi-layi, kowane layi harafi 76, ana saka alamar ƙarshen layi, abin da ke ɗaga ƙarin zuwa kusan kashi 37 cikin 100. Lissafin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne:

```
nauyin saƙo ≈ nauyin fayiloli × 1.37
17 MB × 1.37 ≈ 23.3 MB
```

Sabar da ke karɓa tana auna saƙon ne bayan ya kumbura. Abin da sakataren ya gani a foldarsa 17 ne, abin da ya isa ƙofar ƙungiyar kuwa ya haura 23. Idan aka juya lissafin, inda iyaka take 20 MB, fayilolin bai kamata su wuce 14.5 MB ba. Inda take 10 MB, wadda ita ce iyakar da sabar imel ta Microsoft Exchange ta cikin ofis ke zuwa da ita idan ba a canza ba, kusan 7 MB ne kawai za su wuce.

Abin da ya ƙara ruɗa shi shi ne Gmail bai ce masa komai ba. Gmail yana barin a tura har 25 MB, don haka ta ɓangarensa babu laifi. Sai dai kowane saƙo iyaka biyu yake fuskanta, ta mai turawa da ta mai karɓa, kuma wadda ta fi ƙanƙanta ita ke yin hukunci. Ganin saƙo a `Sent` shaida ce kawai cewa ya bar hannunka.

An sanar da shi, shi ne bai gani ba. Cikin ɗan lokaci kaɗan wani saƙo ya dawo daga `Mail Delivery Subsystem`, ya faɗa tsakanin tallace-tallace da sanarwar banki. A ƙasan irin wannan saƙo akwai layin da sabar can ta amsa da shi, kuma shi ne ya fi komai amfani:

```
552 5.3.4 Message size exceeds fixed maximum message size
```

Lambar tsakiyar ita ke faɗin ciwon. `5.3.4` da `5.2.3` suna nufin saƙon ya yi nauyi. `5.2.2` na nufin akwatin mai karɓa ya cika, kuma rage fayil ba lallai ya magance wannan ba, sai an buga masa waya ya share wasu saƙonni. `5.1.1` na nufin babu wannan adireshin, wato an yi kuskuren harafi. Lambobin da suka fara da `5.7` kuwa na nufin an ƙi saƙon ne saboda tsaro ko wata dokar sabar. Wanda ya saba karanta wannan layi ba zai ɓata awa guda yana gyara abin da bai lalace ba.

Turawa ta biyu, wadda ta ɓace shiru

Da safiyar Alhamis ya ga saƙon da ya dawo. Shawarar da aka ba shi ita ce ya dunƙule komai a `.zip`, kuma tunda akwai farashi a ciki, ya sa masa kalmar sirri. Kurakurai biyu ne a haɗe a nan.

Na farko, dunƙulewa ba ta rage hoto. Hoton JPEG da PDF ɗin da aka yi daga sikani an riga an matse su tun lokacin da aka ƙirƙire su, don haka 17 MB ɗin ba ta sauka ba sai da ɗan abin da bai kai a faɗa ba. Da ya ga haka sai ya cire hotunan biyu, dunƙulen ya koma kusan 10 MB, wanda a kan hanya zai zama 14. Nauyi dai ya daidaita.

Na biyu shi ne kalmar sirrin. Sabar ofisoshi da yawa tana buɗe kowane fayil ta bincika ko akwai ƙwayar cutar kwamfuta kafin ta miƙa saƙon. Dunƙulen da aka kulle ba ya bincikuwa, kuma masu damfara sun daɗe suna ɓoye mugun fayil ta wannan hanyar, don haka wurare da dama suke killace irin wannan saƙo. Wannan ya fi na farko muni, domin sau da yawa babu wata sanarwa da ke dawowa. Sabar ta karɓi saƙon, ta ajiye shi a wurin da ma'aikacin kwamfuta kaɗai ke dubawa, mai turawa na jin ya gama, mai karɓa bai san an turo ba. Sai da sakataren ya buga waya wajen ƙarfe 2 aka ce masa ba a ga komai ba, har a `Junk`.

Akwai nau'o'in fayil da Gmail kansa ba ya yarda da su sam, irin su `.exe`, `.bat`, `.js`, `.jar`, `.msi`, `.apk` da `.iso`, ko da an saka su cikin `.zip`. Waɗannan ba su cika shafar mai tura takardun ofis ba. Wanda ya fi kama mutane shi ne Excel mai ƙarewa da `.xlsm`, wato mai ɗauke da ƙananan umarni da ke aiki da kansu. Idan wani ya ba ka tsohon jadawali ka cike, duba ƙarshen sunansa. Idan `.xlsm` ne kuma ba ka buƙatar umarnin, sake adana shi a matsayin `.xlsx` kafin ka tura.

Linkin da ke neman izini

Lokaci ya ƙure, sai ya loda komai a Google Drive, ya kwafo linkin foldar, ya manna shi shi kaɗai a jikin sabon saƙo. Wannan karon saƙon ya isa. Jami'ar da ta buɗe shi ta ga dogon adireshi babu bayani, daga wanda ba ta taɓa hulɗa da shi ba, kuma an sha gargaɗinsu a ofis kan latsa irin wannan. Da aka lallaɓa ta ta waya ta latsa, sai shafin ya ce ba ta da izinin gani, ya nuna mata maɓallin `Request access`.

Sabon fayil a Drive yana farawa ne a matsayin `Restricted`, ma'ana mai shi ne kaɗai da waɗanda ya saka adireshinsu za su iya buɗewa. Mai shi ba ya lura da hakan, domin duk lokacin da ya gwada linkin a kwamfutarsa buɗewa yake yi. Gwajin gaskiya shi ne a manna linkin a sabuwar taga ta `Incognito`, wadda ke buɗe shafi ba tare da asusunka ba, ko a wayar wani wanda bai shiga asusun ba. Idan ya buɗe a can, zai buɗe wa mai karɓa. Saitin `Anyone with the link` tare da matsayin `Viewer` yana kawar da matsalar, amma a sani cewa duk wanda linkin ya faɗa hannunsa zai ga abin da ke ciki. Wannan ya dace da bidiyon aiki, bai dace da takardar banki ba.

Ko da linkin ya buɗe, jami'ar ta gaya masa ba za a karɓi farashi ta wannan hanyar ba, kuma tana da gaskiya. Fayil ɗin da aka maƙala a saƙo ya daskare a yadda yake lokacin da aka tura shi, da kwanan wata da lokaci a kansa. Abin da ke bayan linki yana hannun mai shi. Zai iya sauya farashin bayan an rufe karɓa, ko ya goge shi. Wasu shafukan tura manyan fayiloli ma linkinsu na mutuwa bayan 'yan kwanaki, kafin kwamiti ya zauna. Saboda haka duk takardar da za a yi hukunci da ita, ko a ajiye ta a matsayin shaida, a maƙala ta. Linki na abu ne mai nauyi wanda rashinsa ba zai rushe komai ba.

Gyaran da ya ɗauki rabin awa

Nauyin nan duka daga hotuna ya fito. Injin sikani na shagon da suka je an saita shi a 300 dpi mai launi, wato ɗigo 300 a kowane inci, wanda ke fitar da shafin A4 mai fiksel 2480 a 3508. Wannan na bugawa ne a takarda. Don karatu a allo, 200 dpi a saitin `Grayscale` ya wadatar, hatimi da sa hannu suna fitowa sarai, kuma shafi kan tsaya a 'yan ɗaruruwan KB. Kada a sauka ƙasa da 150, domin ƙananan lambobi irin na rajista sukan fara dushewa, kuma takardar da ba a iya karanta lambarta ba ta da amfani komai sauƙinta. Idan launin hatimin yana da muhimmanci, a bar launi a rage dpi kawai. Takardun biyu suka koma 0.4 MB kowacce.

Bayanin kamfanin a Word aka rubuta shi, da hotunan waya da aka zuba ciki yadda suke. Ja gefen hoto a ƙanƙanta shi a shafi ba lallai ya rage nauyinsa ba, domin ainihin hoton kan zauna a ciki. Sai an zaɓi hoto, a shiga `Compress Pictures`, a cire alamar da ke kan `Apply only to this picture`, a zaɓi 150 ppi, sannan a adana a matsayin PDF. Ya sauka zuwa 1.6 MB. Hotunan aikin biyu aka rage tsawonsu zuwa fiksel 1600, aka haɗa su a PDF ɗaya da layin bayani a ƙasan kowanne, 0.9 MB. Jadawalin farashin aka fitar da shi PDF aka sa hannu, 0.3 MB, aka kuma bar na Excel ɗin don masu lissafi. Jimilla 3.8 MB, a kan hanya kusan 5.2.

Akwai shafukan intanet da ke matse PDF kyauta, kuma suna aiki. Amma yin amfani da su na nufin loda takardar a kwamfutar wasu, don haka ba ma ba da shawarar a bi ta nan da takardar haraji ko farashin da ba a buɗe ba tukuna.

Sai sunaye. Ga abin da ke foldarsa tun farko:

```
Scan0003.pdf
Scan0004.pdf
profile new FINAL (2).pdf
Book1.xlsx
IMG_4471.jpg
IMG_4472.jpg
```

A kwamfutarsa waɗannan ba su da matsala, tunda ya san abin da ke cikin kowanne. Amma a yi tunanin jami'ar da za ta sauke takardun kamfanoni da yawa a folda ɗaya. `Scan0003.pdf` nasa zai haɗu da na wani, kwamfuta ta ƙara wa ɗaya lamba ko a danne ɗaya da ɗaya, kuma da zarar fayil ya rabu da saƙonsa babu mai sanin na waye. Sunan fayil ana rubuta shi ne don wanda zai gan shi shi kaɗai bayan wata uku, ba tare da saƙon ba. Dole ya faɗi na waye, mene ne, kuma na yaushe:

```
01_SunanKamfani_Rajistar-CAC.pdf
02_SunanKamfani_Shaidar-Haraji.pdf
03_SunanKamfani_Bayanin-Kamfani.pdf
04_SunanKamfani_Farashi_2025-03-13.pdf
05_SunanKamfani_Farashi_2025-03-13.xlsx
06_SunanKamfani_Hotunan-Ayyuka.pdf
```

Lambar farko tana sa su jeru yadda sanarwar ta jera buƙatunta, kuma ana sa sifili a gaba don kada 10 ta riga 2 a jeri. Kwanan watan yana farawa da shekara, sai wata, sai rana, saboda ta haka ne fayiloli ke jeruwa daga tsoho zuwa sabo da kansu, kuma babu mai rikita 3 ga Afrilu da 4 ga Maris. Kwanan wata ya fi kalmar "final" amfani nesa ba kusa ba, domin duk takardar da aka kira ta ƙarshe wata na zuwa bayanta. Ba a raba kwanan watan da `/`, tunda Windows ba ya karɓar `\ / : * ? " < > |` a sunan fayil. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, sababbin na'urori na karanta su lafiya, amma tsofaffin manhajoji da wasu dunƙulen `.zip` sukan mayar da su alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana. A jikin saƙo a rubuta Hausa daidai da ƙugiyarta. A sunan fayil a bar k da d da b. Idan sanarwar ta ba da nata tsarin suna, shi ake bi harafi da harafi, ko da bai yi wa mutum kyau ba.

Jikin saƙon

A nan ne muke ganin an fi yin sakaci, alhali nan ne ya fi arha gyarawa. Jikin saƙo shi ne takardar rakiyar kaya, irin wadda direba ke miƙawa a sito don a ƙirga abin da aka sauke a gwada da abin da aka loda. Saƙon da ya ce "ga takardunmu nan" kawai bai ba mai karɓa hanyar sanin ko shida aka turo biyar suka iso ba. Kuma hakan na faruwa: wasu sabobi suna cire fayil ɗaya su bar sauran, a waya kuma fayilolin na ɓuya can ƙasa, mutum ya ga uku bai ja allo ya ga sauran ba. Ga abin da ya tura a karo na huɗu, da lambar sanarwar da sunan kamfanin a layin take:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Wannan saƙo shi ne cikakkun takardunmu na neman kwangilar haƙa rijiyoyin, kuma ya maye gurbin duk wanda muka turo kafin shi jiya da yau. Na maƙala fayiloli 6, nauyinsu duka 3.8 MB: rajistar CAC, shaidar biyan haraji, bayanin kamfani mai shafi 12, farashi mai sa hannu a PDF, farashin nan dai a Excel, da hotunan ayyuka biyu da muka kammala. Idan an sami bambanci tsakanin fayil na 4 da na 5, na 4 mai sa hannu shi ne abin dogaro. Akwai kuma bidiyon aiki na minti uku a Google Drive, nauyinsa 140 MB, ba ya buƙatar izini, zai kasance a buɗe har ƙarshen wata. Ƙari ne kawai, ba ya cikin takardun da kuka nema. Linkin na ƙasa. Don Allah a sanar da ni idan fayilolin ba su cika 6 ba. Na gode."

Kowace jimla a ciki tana da aikinta. Adadin yana ba ta damar ƙirgawa. Faɗin wanda ke da rinjaye tsakanin PDF da Excel yana kashe gardama tun kafin ta taso. Jimlar maye gurbi tana da muhimmanci musamman a nan, domin saƙon da aka killace yana iya fitowa gobe idan ma'aikacin kwamfuta ya sake shi, a sami takardu biyu daga kamfani ɗaya, ɗaya babu hotuna. Game da linkin, an faɗi abin da ke bayansa, da inda yake, da nauyinsa, don wanda ke kan datar waya ya san abin da zai ci masa kafin ya latsa. An kuma saka cikakken adireshin yadda yake, wanda ke farawa da `drive.google.com`. Gajartaccen linki irin na `bit.ly` yana ɓoye inda za shi, matatun saƙo suna zarginsa, mutane ma haka.

Gmail da Outlook sukan tunatar da mutum idan ya ambaci maƙala fayil bai maƙala ba, amma kalmomin da suke nema irin su `attached` ne, don haka mai rubutu da Hausa kada ya jira wannan tunatarwar. Tsarin da ya fi tsare mutum shi ne a fara maƙala fayilolin, a jira kowanne ya gama hawa, a rubuta jikin saƙon ana kallon sunayensu, a saka adireshin mai karɓa a ƙarshe. Saƙon da ba shi da adireshi ba zai tafi bisa kuskure ba.

Ya tura da ƙarfe 3:35. Ya buɗe kwafin da ke `Sent` ya ƙirga shida, ya buɗe na 4 ya tabbatar mai sa hannun ne, ya jira minti biyar yana duba ko wani abu zai dawo daga `Mail Delivery Subsystem`, sannan ya buga waya. Tambayar da ya yi ita ce fayiloli nawa ta gani, ta ce shida. Da ta nemi ya tura wa abokin aikinta kwafi, ya yi amfani da `Forward`, domin `Reply` yana ɗaukar rubutun ne kawai ya bar fayilolin a baya.